Bayani ga 'yan ƙungiyarmu masu zuwa gudun famfalaki na Legas: abin da ke kashe ƙafa bayan kilomita 30

Jama'a, assalamu alaikum. Na rubuta wannan takarda ne saboda mutum bakwai daga cikinmu da za su tafi gudun famfalaki na Legas a watan Fabrairu, biyar daga cikinsu kuwa ba su taɓa wuce kilomita 30 a ƙafa ba. Ranar Asabar da ta wuce, bayan mun gama atisaye a dandalin Murtala, wani ƙanenmu ya tambaye ni dalilin da ya sa nake ta nanata maganar abinci, alhali shi yana gama kilomita 25 da ruwa kawai, ba tare da ya ji komai ba. Tambayarsa tana kan hanya, kuma amsarta ta fi ƙarfin a bayar da ita a tsaye ana haki, shi ya sa na ga ya dace a rubuta.

Tsawon gudun famfalaki kilomita 42 ne da mita 195, amma wahalarsa ba a rabe take daidai a kan wannan tsawo ba. Mutum zai iya cin kilomita 30 yana jin daɗin jikinsa, sannan a cikin mintuna kaɗan ƙafafu su yi nauyi kamar an ɗaura musu buhun siminti, taki ya gajarce, kai ya ɗauki jiri, lissafin da yake yi a zuci na sauran tafiya ya rikice. Turawa suna kwatanta wannan hali da yin karo da bango, mu kuwa a fili mukan ce ƙafa ta mutu. Ya same ni a gudun famfalakina na farko, a kilomita na 33. Na tuna ina kallon wata mai sayar da ayaba a bakin titi, ina so in tsaya wurinta, na kasa tuna ko akwai kuɗi a aljihun wandona. Kilomita tara da suka rage kuwa sai da suka ci mini fiye da awa ɗaya da kwata, rabi tafiya, rabi jan ƙafa. Ba rashin atisaye ya kayar da ni ba a ranar, domin na yi wata huɗu ina shiri. Man da ke cikin jikina ne ya ƙare.

Jiki yana da rumbu biyu da yake ɗebo ƙarfi daga cikinsu. Na farko shi ne kitse, wanda ko siririn mutum yana ɗauke da na dubban kalori masu yawa, abin da zai isa gudun famfalaki da dama a jere. Na biyu shi ne sukarin da jiki ke sarrafawa daga tuwo da shinkafa da doya da makamantansu, ya adana shi a tsoka da hanta a wata siffa da masana ke kira gilaikojin. Wannan rumbu ƙarami ne: kimanin giram 400 a tsoka da kimanin giram 100 a hanta, wato wajen kalori 2,000 idan an haɗa. Gudu kuwa yana cin kusan kalori ɗaya a kowane kilon nauyin mutum a kowace kilomita, saboda haka mai nauyin kilo 65 yana buƙatar wajen kalori 2,700 kafin ya kai ƙarshe. Ko a wannan lissafi ma an yi wa jiki kara, domin gilaikojin da ke cikin tsokar hannu da ta baya ba ya iya fita ya je ya taimaki cinya. Kowace tsoka nata take ci, hanta ce kaɗai ke iya zuba sukari a cikin jini don amfanin kowa.

Sai a ce, to me ya hana jiki komawa kan kitse tunda ga shi nan jibge? Yana komawa, kuma tun daga farkon gudu yana haɗa biyun ne. Matsalar ita ce kitse yana ba da ƙarfinsa a hankali, kuma yana buƙatar iska fiye da sukari kafin ya ba da ƙarfi daidai da nasa. Duk wadda ta taɓa girki da gawayi da kuma gas ta san bambancin: gawayi yana daɗewa, amma ba a hanzarta shi. Gwargwadon yadda mutum ya ƙara sauri, gwargwadon yadda jiki ke karkata ga gilaikojin, idan kuwa ya yi ƙasa sosai, dole saurin ya sauko zuwa abin da kitse kaɗai zai iya ɗauka, ko mai gudun ya so ko bai so ba. A daidai wannan lokaci hanta ma tana iya gazawa, sukarin jini ya faɗi, ƙwaƙwalwa kuwa da shi ta dogara, daga nan ne jiri da ruɗewa da saurin fushi suke fitowa. Wannan ne ya sa kilomita 25 na ƙanenmu ba su nuna masa komai ba: yana tsayawa ne tun rumbun bai kai ƙasa ba.

Ba yau aka gano wannan ba. A shekarar 1924 wasu likitoci sun auna jinin waɗanda suka gama gudun famfalaki na Boston a Amurka, suka tarar waɗanda suka fi galabaita su ne masu ƙarancin sukari a jini. Da shekara ta zagayo aka ba wasu daga cikinsu alewa su riƙa sha a hanya, sai suka gama cikin hali mafi kyau. Daga baya, a shekarun 1960, wasu masana biyu a ƙasar Suwidin, Bergström da Hultman, suka riƙa ciro ɗan ƙanƙanin nama daga tsoka da wata allura suna aunawa, suka nuna cewa daɗewar mutum yana aiki mai ƙarfi tana tafiya ne da yawan gilaikojin da ya fara da shi, kuma abinci mai sitaci yana ƙara shi.

Cika rumbun yana farawa ne kwana biyu kafin ranar gudu. A cikin waɗannan kwanaki a rage atisaye ƙwarai, a kuma ci sitaci da sukari wajen giram 10 a kowane kilon nauyi a rana. Ga mai kilo 65 giram 650 ke nan, kuma don a ga girman abin, sitacin da ke cikin kofi ɗaya na dafaffiyar shinkafa bai wuce giram 45 ba. Babu mai iya cinye wannan a zama ɗaya, sai an rarraba shi: koko da sukari da burodi da safe, shinkafa ko taliya da rana, tuwon shinkafa da dare, a tsakani kuma ayaba da dabino da kunu. A rage mai da nama da yaji, a ajiye wake da ƙosai da alale sai an dawo gida, domin ciki ba ya yafe su a kan titi. Wanda ya hau sikeli ya ga ya ƙaru da kilo ɗaya ko biyu kada ya tsorata, kowane giram na gilaikojin yana riƙe ruwa wajen giram uku tare da shi. Ina kuma roƙon kada tafiyar mota daga Kaduna zuwa Legas ta cinye mana ɗaya daga cikin kwanakin nan. Kowa ya yi guzuri daga gida, kada ya dogara da abin da zai samu a tasha.

Da asubar ranar, awa biyu zuwa uku kafin a tashi, a ci abu mai sauƙi wanda ciki ya saba da shi, saboda hanta tana kwana tana ciyar da jini, tana wayar gari da ragowa.

Abin da ya fi muhimmanci, wanda kuma aka fi sakaci da shi, shi ne ci a cikin gudun kansa. Ma'aunin da aka saba bayarwa shi ne giram 30 zuwa 60 na sukari a kowace awa, mai gudun da zai daɗe fiye da awa biyu da rabi a hanya kuma zai iya kai wa giram 90 idan cikinsa ya horu. Iyakar tana hanji ne: ƙofar da gulukos, wato irin sukarin da sitaci ke komawa idan ya narke a ciki, ke bi ya shiga jini ba ta wuce da fiye da kimanin giram 60 a awa, amma furuktos, wato irin sukarin da ya yi yawa a zuma da 'ya'yan itace, ƙofarsa daban ce, don haka idan aka haɗa biyun sai a shigar da fiye da abin da ɗaya zai iya. Sukarin shayi na gida rabinsa gulukos ne rabinsa furuktos, abin da ya sa ban damu ba idan mutum ba shi da kuɗin 'yan fakitin nan na sukari mai kauri na masu gudu da ake shigowa da su daga waje. Ayaba matsakaiciya tana da sukari da sitaci wajen giram 25, babban cokalin zuma wajen giram 17, busasshen dabino ƙarami wajen giram biyar ko shida. Ni dai nakan ƙulla zuma a 'yan ƙananan ledoji in sa a aljihu, in cire wa dabino ƙwallo tun a masauki, domin mai haki ba ya iya tsayawa tofar da ƙwallo.

Lokacin farawa shi ne wurin da mutane suka fi kuskure. A fara tun a minti 30 zuwa 45 na farko, a ci gaba duk bayan minti 20 ko 30, kaɗan-kaɗan, ana korawa da ruwa, ko da kuwa ba a jin buƙata. Wanda ya jira sai ƙafa ta mutu sannan ya nemi zuma ya makara, domin abin da hanji ke iya shigarwa a awa bai kai abin da tsoka ke ƙonawa ba. Zumar za ta dawo masa da hankalinsa, amma saurin ya riga ya tafi. Ci a hanya yana tallafa wa sukarin jini ne, ya sauƙaƙa wa hanta, ya tura lokacin gajiyar gaba, da fatan ya faɗa bayan layin ƙarshe.

Duk wannan shiri kuwa mutum zai iya rushe shi a kilomita goma na farko. Ganin taro da kiɗa yakan sa a fita da saurin da ya wuce wanda aka yi atisaye a kansa, gilaikojin ya riƙa ƙonewa tun da wuri. Ga kuma zafi, wanda shi ma yana ƙara yawan sukarin da tsoka ke ci. Mu da muka yi shiri cikin sanyin hunturun Kaduna, inda gumi ke bushewa tun bai gangaro ba, za mu tarar da iskar Legas mai ɗumi da laima, saboda haka kowa ya rage wa lissafinsa na gida wani abu. A sha ruwa gwargwadon ƙishirwa, a kuma guji ɗura shi fiye da kima, domin ruwan da ya wuce buƙata yana tsinka gishirin jini, abin da kan kai mutum asibiti. Mai ciwon sukari kuwa kada ya ɗauki ko ɗaya daga cikin ma'aunan nan sai ya zauna da likitansa.

Hanji yana koyo kamar yadda ƙafa ke koyo, kuma ranar gasa ba ranar gwada sabon abu ba ce. Saura mana dogon gudu uku kafin tafiya. Ranar Asabar mai zuwa za mu yi kilomita 32, za a tashi daga ƙofar filin wasa na Ahmadu Bello bayan sallar asuba, kuma kowa ya zo da abin da ya ƙudurta zai ci a Legas, a ƙulle yadda zai ɗauke shi a ranar. Zan bi ku a kan keke da ruwa, ina busa usur duk bayan minti 25, wanda ya ji kuma ya sa wani abu a baki.