Takardar Koke Kan Masaukin da Aka Ba Mu a Makka

Kano, 14 ga Afrilu, 2025

Zuwa ga Shugaban Kamfani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhaji, bayan gaisuwa da fatan an yi Sallah lafiya, mu ne mutum 23 da muka tafi Umarar goman ƙarshe na azumin bana ta hannun kamfaninka. Mun bari sai da muka dawo gida muka huta kafin mu rubuto, don ba mu so mu yi rigima a ƙasa mai tsarki da azumi a bakinmu.

Kowannenmu ya biya naira miliyan 5 da dubu 200. Takardar yarjejeniyar da ka sa wa hannu ta ce za a sauke mu a otal da ke titin Ibrahim Khalil, inda mutum zai taka da ƙafa zuwa Harami, mutum huɗu a ɗaki, da abincin sahur da buɗa-baki. A Madina an cika alkawari, masaukinmu na kusa da Masallacin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, mun kuwa gode. Amma da muka iso Makka sai mota ta zarce da mu unguwar Aziziyya, mai nisa da Harami. Wakilinka ya ce kwana ɗaya ne, gobe za a mayar da mu. Goben nan ba ta zo ba har muka ga watan Sallah.

Mutum shida aka cusa a ɗaki, banɗaki ɗaya. Sahur sau uku kawai aka kawo. Duk wannan da sauƙi a kan nisan. Ka fi mu sanin yadda ake rufe hanyoyin Harami idan jama'a ta cika a goman ƙarshe. Wanda bai fita tun La'asar ba, to, ya haƙura da Tarawihi a ciki. Iyayenmu mata biyar, ɗaya a keken guragu take, sun yi yawancin Tahajjud ɗinsu a ɗaki, har da daren 27 da suka yi shekaru suna tara kuɗi dominsa. Masu ƙarfi a cikinmu kuma kuɗin tasi ya cinye guzurinsu.

Wannan ba ma iya cewa a biya mu shi. Abin da muke nema shi ne a mayar wa kowa bambancin kuɗin da ke tsakanin otal ɗin da muka biya da wanda aka ba mu, da kuɗin abincin da ba a kawo ba. Muna kuma so ka zauna da wakilanmu uku, kai da kanka, ka gaya mana ranar da ka san an canja masaukin. Idan tun kafin mu bar Kano ne, me ya hana a faɗa mana?

Muna jiran amsarka a rubuce zuwa 28 ga Afrilu. In ba mu ji komai ba, za mu kai ƙara Hukumar Alhazai ta Ƙasa. Kwafin rasit da yarjejeniya da hotunan ɗakunan suna haɗe da wannan takarda.

Wassalam.

Shugaban tawaga,
a madadin mutum 23 da sa hannunsu ke shafi na biyu