Takardar Tantance Haɗari: Waldar Ƙarfen Rufin Magaza a Unguwar Ali Ɗan Sofo, Maraɗi

Aiki: yanke ƙarafan rufi 4 da tsatsa ta cinye a magazar wake da aya, a maye su da sababbi. Tsayin wurin aiki mita 5.
Lokaci: Talata da Laraba, makon farko na Janairu, daga ƙarfe 8 zuwa ƙarfe 4 na yamma.
Ma'aikata: babban mai walda, mataimakinsa, yaro mai koyo, da mai gadin wuta guda.
Kaya: injin walda na sanda, sanda mai kaurin milimita 3.2, giranda mai faifan milimita 230, janareta, dandamalin ƙarfe.

Shugaban aiki zai karanta takardar nan da baki kowace safiya kafin a taɓa waya. Walda ta waje mun saba da ita. Wannan a cikin rumbun ɗan kasuwa ce, buhuna a ƙasa, iskar hunturu tana shigowa ta ƙofa, don haka an fi tsananta wa mataki na 1, na 6 da na 9.

| Mataki | Haɗari | Abin da za a yi |
|---|---|---|
| 1. Duba magaza da kwashe kaya | Buhunan leda, tabarmi da ƙaiƙayi suna kama wuta nan take. Akwai kuma ƙwayar ƙwari da ake jefa wa wake: iskar da take fitarwa guba ce mai kisa, kuma tana cin wuta. | A tambayi mai magaza gaba da gaba ko an sa ƙwaya, da ranar da aka sa. In an sa, ba mai shiga sai wanda ya sa maganin ya buɗe, wuri ya sha iska, ya tabbatar da bakinsa cewa an gama. A janye buhuna mita 11 daga inda tartsatsi zai faɗo, a share ƙasa, a yayyafa ruwa nesa da waya. Abin da bai ɗaguwa a rufe shi da falle-fallen kwano. Tamfol na roba ba rufi ba ne, shi ma makamashi ne. |
| 2. Sauke kaya daga mota | Ciwon baya, ƙarfe ya faɗo wa ƙafa. | Mutum biyu ga kowane ƙarfe. Takalmi mai kan ƙarfe. Mai silifas ya koma gida ya canza. |
| 3. Kafa dandamali | Faɗowa daga mita 5, kaya su suɓuce kan na ƙasa, rina a ƙarƙashin kwano. | A kafa bisa daɓe, a ɗaure shi da ginshiƙi, a sa masa makari a gefe. Ba a ɗora tsani kan ganga ko kan buhu. A maƙala ɗamarar tsaro a ƙarfe mai lafiya, ba wanda za a yanke ba. Kayan aiki su hau cikin bokiti da igiya. A leƙa sheƙar rina tun daga ƙasa. |
| 4. Haɗa wuta | Jan wuta. Ko ba a walda, bakin makamar sanda yana ɗauke da wajen bolt 50 zuwa 80, kuma jiki mai gumi da ke zaune kan ƙarfe hanya ce buɗaɗɗiya. Hayaƙin janareta yana kashe mutum ba tare da ya ji wari ba. | A bi waya da hannu daga farko har ƙarshe kafin a kunna. Wadda aka ɗaure da leda a cire ta. Wayar mas a maƙala ta kusa da inda ake walda, kan ƙarfen da aka goge. Ba a ƙara mata tsawo da rodi. Janareta a waje, nesa da ƙofa da taga. Ba a zuba mai sai an kashe shi ya huce. In wutar Nigelec ta ɗauke, a kashe injin walda da giranda kafin a koma janareta. |
| 5. Yankewa da gogewa | Faifai ya fashe, tsinin ƙarfe a ido, ƙara mai toshe kunne, ƙarfen da aka yanke ya rufto. | A tokare rufi, a ɗaure ƙarfen da igiya kafin yanka. Murfin giranda ya zauna a wurinsa. A duba tsaga da ranar ƙarewar faifai; na milimita 230 kada gudunsa ya wuce zagaye 6,600 a minti. Faifan yanka ba na guga ba ne. Gilashin ido, garkuwar fuska da abin toshe kunne. A zare filogi kafin canza faifai. |
| 6. Walda | Hasken walda yana ƙona ido da fata, kuma zafin ba ya tasowa sai bayan awa 6 zuwa 12, mutum ya farka cikin dare kamar an zuba masa rairayi. Tartsatsi daga sama yana tafiya nesa, iska ta ƙara masa. Narkakken ƙarfe cikin takalmi ko aljihu. | Hular walda mai baƙin gilashi lamba 11 ga mai walda. Mataimaki ma ya sa tasa, don shi ya fi kamuwa: yana riƙe ƙarfe yana kau da kai, hasken kuma yana shiga ta gefe. Gilashin rana na kasuwa bai tare komai. Rigar auduga mai dogon hannu, safar fata busasshiya, wando ya rufe bakin takalmi, ba ashana ko laita a aljihu. A kafa kwano a bakin ƙofa saboda yara masu zuwa kallo. Iska ta yi ƙarfi har tana ɗaga ƙura a ciki, a dakata. Guntun sanda a gwangwani, ba a wurgo shi ƙasa. |
| 7. Aiki dab da kwano da tsohon fenti | Hayaƙin farin kwano yana kawo zazzaɓi, ɗaci a baki da ciwon jiki da dare. Hayaƙi yana taruwa a sama, daidai inda mai walda yake. | A goge fenti da farin shafen kafin walda. A cire falle ɗaya na rufi, a buɗe ƙofofi biyu. Takunkumi mai tace hayaƙi, kai kuma a gefen hayaƙin. Madarar da ake sha bayan aiki ba ta hana komai, kada a dogara da ita. |
| 8. Ɓare kashin walda | Ɓarɓashi mai zafi a ido, ƙuna a hannu. | Farin gilashi a ido. A rubuta "zafi" da alli kusa da ƙarfen. |
| 9. Hutu da tashi | Wuta mai cin ƙasa-ƙasa cikin ƙaiƙayi, wadda ba ta nuna kanta sai an kulle an watse. | Lokacin azahar a zare sanda, a kashe inji, mai gadin wuta ya zauna har wani ya dawo ya canje shi. Walda ta tsaya ƙarfe 4, mai gadin wuta kuma ya ƙara awa 1 cur yana zagayawa, yana leƙa bayan buhuna da wajen bango. Ba a aikensa sayen shayi ko riƙe ƙarfe. A gabansa akwai tukunyar kashe gobara mai hoda ta kilo 9, bokitin rairayi 2 da gangar ruwa. Mangal ɗin shayi a waje. |

In wani abu ya faru

Gobara: a kashe wutar lantarki daga tushe, a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18, kowa ya fito bakin titi a ƙirga kai. Ba a watsa ruwa kan inji mai wuta.

Jan wuta: kada a taɓa mutumin sai an kashe inji. Ko ya miƙe ya ce ba komai, a kai shi asibiti.

Ƙuna: ruwa mai tsabta na minti 20. Ba baƙin mai, ba man goge baki. Abin da ya kafe a ido ba a ciro shi da ashana ko bakin tsumma. A rufe idon, a tafi asibiti. Motar aiki tana ƙofa, makulli yana hannun mataimaki.

Duk wanda ya ga abin da ba ya cikin takardar nan, ko yaro mai koyo ne, yana da ikon cewa a tsaya, kuma za a tsaya. Shugaban aiki, mai magaza da ma'aikatan huɗu sun sa hannu a bayan takarda ranar Litinin da yamma. Kofi ɗaya yana manne a ƙofar magaza.