Amsa: dankalin kowane mako da maganar buhunan da suka lalace

Assalamu alaikum Hajiya,

Ranki ya daɗe, da fatan kin tashi lafiya, ya gida, ya yara, ya kasuwa? Mama tana gaishe ki, ƙafar kuma da sauƙi, alhamdulillahi.

Wasiƙarki ta ranar Talata, 12 ga Agusta, ta iso, na karanta ta sau biyu. A yi mini afuwar jinkiri, ina Bokkos kwana biyu, sabis kuwa a ƙauyen sai an hau tudu. Za ki ga ban bar wasiƙar taki manne a ƙasan wannan ba. Da gangan ne: na saka ƙanena Auwalu cikin masu karɓar wannan amsa saboda shi ke tsayawa a kan lodi, kuma akwai maganar gida da kika yi mini a ciki wadda ba huruminsa ba ce. Waccan za mu yi ta a waya. Sauran kuwa zan ambaci kowace magana kafin in amsa ta, ba sai kin koma neman abin da kika rubuta ba.

Bari in fara da mai zafin, wato buhu uku cikin goma sha biyu na lodin makon jiya da kika ce kun buɗe kun tarar ƙasansu ya ruɓe. Na ga hotunan, ba ni da ta cewa. Laifinmu ne, ba na direba ba, ba kuma na yaranki ba. Na bincika, ashe an haƙe dankalin ne washegarin ruwan sama, aka zuba shi a buhu da danshinsa, ba a baza shi ya sha iska ba. Na tambayi yaron da ya ɗinke bakin buhunan, ya ce shi saman ya duba, ya ga ƙwala-ƙwala masu kyau. To, saman buhu ai kowa ya iya gyara shi. Dankalin damina fatarsa ba ta gama ƙwari ba, da ka murza da babban yatsa sai ta saluɓe, ga kuma cutar nan mai ƙona ganye da ke kama gonaki idan ruwa da hazo suka yi yawa, tana sauka har cikin 'ya'yan. Ɗaya ya ruɓe a tsakiyar buhu, ya kwana cikin mota, ya sauka daga sanyin Jos zuwa zafin Abuja, kafin gari ya waye ya shafa wa na kusa da shi. Marigayi Baba ba ya barin a ɗinke buhu sai ya sa an zazzage shi a kan tabarma a gabansa. Ni na yi sakaci da wannan, ga shi na gani.

Saboda haka kada ki biya kuɗin ukun nan. Kin ce a raba asarar biyu, na gode da karamci, amma ban yarda ba. Zan cike miki su a lodi mai zuwa. Abin da yaranki suka tsince mai kyau daga ciki, ku yi amfani da shi, na yafe.

Sai maganar buhu goma sha biyar duk mako har ƙarshen Nuwamba. Kawowa zan iya, in Allah ya yarda. Abin da ba zan iya ba shi ne tsayar da farashi ɗaya na wata uku kamar yadda kika nema. Yanzu kaka ce, kaya sun cika Maikatako da Mangu, shi ya sa kike ganin sauƙi. Da an shiga Oktoba na damina zai fara ja baya, na rani kuma ba ya fitowa sai bayan sabuwar shekara, a tsakanin nan buhu yakan yi tashin da ba a zata ba. Idan na amsa miki yau don in faranta miki, ranar da kasuwa ta juya ko dai in karye, ko in fara cusa miki ƙanana a ƙasan buhu, kuma duka biyun ba na so. Ga abin da nake gani zai yi mana daidai: duk ranar Litinin in turo miki farashin da na saya, in ɗora naira dubu uku a kan kowane buhu ladan wahalata, kuɗin mota da na 'yan dako kuma a rubuta su daban ki gan su. In kin ga makon ya yi tsada, ki rage yawan buhunan, ba zan ji komai ba, illa dai ki sanar da ni kafin azahar ɗin Talata.

Kin tambayi irin da ya fi dacewa da suya, tunda masu cin abincinki sun fi son soyayye. Marabel za ki riƙa karɓa, ya fi girma, ga cikinsa rawaya, yankansa kuma ya fi auki. Nikola ya fi kyau a fate da dafawa cikin miya don ba ya saurin narkewa. Zan sa goma Marabel, biyar Nikola, a shafa wa buhunan Nikola jan fenti a baki don kada a haɗa. A gaya wa mai kula da sito kada ya jingina buhu da bango ko ya ajiye shi a kan siminti, ya sa katako a ƙasa, kuma kada a wanke sai ranar da za a fere. Hasken rana ma yana sa shi ya yi kore, koren nan kuwa ɗaci gare shi, ba a so a ci.

Kabeji da karas da koren wake babu matsala, a Farin Gada zan haɗa su da safiyar ranar lodi. Latas ne ban ba ki shawara ba, ba ya jure hanya a buɗaɗɗiyar mota. Sitiroberi kuma ba lokacinsa ba ne, sai hunturu ya kama ake samun na kirki daga wajen Vom, in lokacin ya yi zan tuna miki.

Game da isowar mota da sassafe: za a gama lodi ranar Laraba da la'asar, amma ba na son direba ya sauka Hawan Kibo da dare cikin ruwa da kaya a bayansa. Zai tashi da asubar Alhamis, ya bi ta Akwanga da Keffi. Matsalar ita ce cunkoson Mararaba da Nyanya, kin fi ni sanin halinsa da safe, don haka ƙarfe bakwai da kika ce ba zai yiwu ba. Ki sa ran sa tsakanin sha ɗaya da azahar. In dole ne kaya su kwana a wurinki kafin Alhamis, sai mu mayar da lodin Talata, ya iso Laraba.

Abu biyu nake jira daga gare ki kafin Litinin: ko kin amince da tsarin farashin mako-mako, da kuma ranar da kika zaɓa, Laraba ko Alhamis. Kafin alƙalamin da kika ce za ki turo, ki dakata da shi tukuna sai cikon buhu ukun nan ya iso kin zazzage kin gani da idonki.

Auwalu, kai kuma daga wannan lodin, kowane buhu a zazzage shi a gabanka kafin a ɗinke, ka ɗauki hoto ka tura wa Hajiya.

A gaida Alhaji da mutanen gida. Allah ya ƙara wa kasuwa albarka.

Naki,
Sani
Farin Gada, Jos