Amsa ga Alhaji kan takardar ƙarin kuɗin haya

Assalamu alaikum Alhaji, barka da yini. Ya iyali, ya ƙarfin jiki? Allah ya ƙara girma.

Na ga hoton takardar da yaronka ya turo mini ta WhatsApp jiya bayan Isha'i. Gefe ɗaya ya ɗan yi duhu, sai da na buɗa hoton sosai kafin na gaskata idona: daga naira 450,000 zuwa 800,000, kuma a biya kafin ƙarshen wata. Sati uku ke nan. Wallahi Alhaji ban runtsa ba.

Ban ce kada a ƙara ba. Gidanka ne, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 ba abin da ya tsaya inda yake, siminti ne, kwano ne, kuɗin birkila ne. Amma shekarata bakwai a gidan nan na Sheka, ban taɓa bari ka aiko neman kuɗinka sau biyu ba. Da hannunka ka tauna wa Auta dabino ranar da aka haife ta a wannan ɗakin. Shi ya sa abin ya yi mini ciwo da labarin ya zo a hoto, ba ko kira. Na ɗauka tsakaninmu ya wuce haka.

Ina so kuma a tuna gyaran da na yi. Da daminar bara ɗakin yara ya yi ta yoyo har silin ya rufto, robobi uku muke jerawa a kan katifa in hadari ya taso. Na kira ka, ka ce in gyara za a cire a haya. Kafinta da kwano sun ci 38,000, kwashe masai 25,000, jimla 63,000. Rasit ɗin suna hannuna, har yau ba a cire ba. Rijiyar ma tun bazara ta ƙafe, a wajen 'yan garuwa muke sayen ruwa kullum.

Abin da zan iya shi ne 550,000 a shekara. In ba da 300,000 ƙarshen wata, ragowar bayan wata uku, a cire na gyaran a ciki. Albashina bai motsa ba, ga kuɗin makarantar yara huɗu ya gabato. In na amsa 800,000 na yi maka ƙarya, ni kuwa ba na so mu fara haka.

In kuma lallai sai yadda takardar ta ce, to ina roƙon a ba ni wata shida in nemi wani wuri, yara su gama zangon karatu, in riƙa biya a tsohon farashi.

Don Allah ka ba ni lokaci in zo gida ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, mu zauna. Zan zo da rasit ɗin. In ka ga ya dace Mai Unguwa ya zauna da mu, ni ba ni da ja.

Na gode. A gaida Hajiya.

Ɗan hayarka na sashen baya, gidan Sheka