Neman a sake duba hukuncin da aka yanke kan bayanin bidiyon ajiyar wake

Zuwa ga Sashen Kula da Koke-koken Masu Tashoshi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ni ne mai tashar koyar da noma da ajiyar amfanin gona da wannan saƙo ya fito daga cikinta. Ranar 9 ga Oktoba, 2025 kun aiko mini da sanarwa cewa an sauke bidiyona mai suna "Yadda ake ajiye wake a buhu mai hawa uku", wanda na ɗora ranar 6 ga wata, an kuma rubuta wa tashar gargaɗi. Dalilin da aka bayar shi ne wai bayanin da ke ƙarƙashin bidiyon yana yaudarar masu kallo. Ban yarda da wannan hukunci ba, shi ya sa nake roƙon a sake dubawa.

Ga bayanin kamar yadda na rubuta shi, ban taɓa ko harafi ɗaya ba tun da sanarwar ta iso:

"Mun ɗaure wake a buhun PICS a watan Nuwamba, mun buɗe a watan Mayu. Wata shida, ba a sa masa maganin ƙwari ba, kuma ƙwaro bai ci shi ba. A wannan bidiyo za ku ga yadda ake shanya, da yadda ake ɗauri, da abin da muka tarar ranar buɗewa. Sharaɗi: wake ya bushe sosai, leda kada ta huje."

Iyakarsa ke nan. PICS shi ne sunan buhun mai hawa uku, wato leda biyu a cikin buhu ɗaya. Sanarwarku ba ta faɗi jimlar da ta saɓa wa ƙa'ida ba, don haka bari in bi abin da na yi alkawari, in nuna inda yake a cikin bidiyon, wanda tsawonsa minti 14 ne.

Shanya tana farawa daga 1:10. An baza waken a kan tamfol, an sheƙe ƙaiƙayi da ɓawo, na kuma ciji ƙwaya ɗaya a gaban kyamara don a ji ƙarar da busasshen wake yake yi. Daga 3:40 zuwa 7:15 ɗauri ne: na hura iska a cikin kowace leda na matse don a tabbatar ba huji, aka zuba wake, aka danne iskar da ta rage, aka murɗe bakin leda ta ciki aka lanƙwasa aka ɗaure, sannan ta biyu, sannan buhun waje. A 7:20 na rubuta kwanan wata da maka a jikin buhun. Wannan rubutu shi ne dai ake gani a 9:05, ranar da aka kwance shi a watan Mayu.

Wurin da na fi so mai dubawa ya tsaya ya kalla da kyau shi ne 9:05 zuwa 12:30, domin ba a yanke ɗaukar ko sau ɗaya ba. Na kwance igiyoyin uku ɗaya bayan ɗaya, na ɗebo wake daga sama, na cusa hannu har gwiwar hannu na ɗebo daga ciki, na zuba a faranti. Kusa da shi akwai wani kwano na waken gona ɗaya da na bari a buhun da aka saba, don kwatanci. Na buhun da aka saba duk ya huje, gari na zuba, ƙwari na yawo a kansa. Na buhu mai hawa uku kuwa ƙalau yake. Akwai 'yan matattun ƙwari a gindin ledar, su ma ban ɓoye su ba, na ɗora su a tafin hannu na nuna, na yi bayanin cewa daga gona suke biyo waken.

Wataƙila abin da ya jawo shakka shi ne maganar wata shida ba magani, don wanda bai san harkar ba zai iya ɗauka cika baki ne irin na masu neman a danna bidiyonsu. To ba ni na ƙirƙiro dabarar ba. Masu bincike na Jami'ar Purdue da ke Amurka ne suka samar da ita tare da takwarorinsu na Kamaru, kuma daga shekarar 2007 aka shiga yaɗa buhun a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, har da Najeriya da Nijar, ƙasashe biyun da suka fi kowa noman wake a duniya. Leda biyu ne masu kauri a cikin buhu ɗaya. Idan aka ɗaure iska ba ta shiga, ƙwarin da ke ciki su shaƙe 'yar wadda ta rage, daga nan su daina ci, su daina hayayyafa, su mutu. Malaman gona sun daɗe suna koyar da wannan a ƙauyukanmu, kuma ana sayar da buhun a shagunan kayan noma.

Ban kuma ce kowa ya gwada dole ya dace ba. Jimlar ƙarshe ta bayanin sharaɗi ce, kuma daga 12:30 zuwa ƙarshe na zauna ne kawai ina lissafa abin da ke ɓata aikin: wake mai danshi, ɓera ya huda leda, jingina buhu da bango ko ajiye shi a ƙasa ba katako, da kuma yawan buɗewa ana ɗiban na girki. Mai son yaudara ba ya kashe minti ɗaya da rabi yana faɗa wa mutane yadda abin zai iya ƙi.

Game da talla, babu kamfanin da ya biya ni, da kuɗina na sayi buhunan. Bayanin ba shi da adireshin wani shafi, ba shi da lambar waya, ban ce kowa ya aiko kuɗi ba. Hoton bangon bidiyon daga cikin bidiyon aka ciro shi, daidai 10:48. Kalmomin nema da na sa huɗu ne: wake, ajiya, buhu, noma.

Abin da ya sa nake roƙon kada a ja lokaci shi ne muna bakin kaka. Nan da 'yan makonni za a shiga roron wake gadan-gadan, kuma a lokacin ne manomi yake yanke shawarar abin da zai yi da shi: ko ya kai Dawanau ya karyar da arha, ko ya ajiye. Masu ajiyewa da yawa fiya-fiya suke yayyafawa, abin da kowa ya san yadda yake ƙarewa a tukunyar mutane. Ragowar irin wannan guba ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya a 2015. Na riƙe bidiyon tun watan Mayu da gangan, sai yanzu na sake shi don ya zo daidai da lokacin da ake bukatarsa. In ya dawo a watan Janairu, wake ya riga ya shiga rumbu.

Saboda haka ina roƙon a ba mutumin da ke jin Hausa ya karanta bayanin, ya kalli bidiyon daga farko har ƙarshe. Idan ya gamsu, a dawo da bidiyon, a kuma goge gargaɗin daga tashar, domin na san irinsa in ya taru yakan kai ga rufe tasha. Idan kuma har yanzu kuna ganin akwai jimlar da ta saɓa wa ƙa'ida, ku faɗa mini wacce ce da sashen da ta taka, zan gyara a ranar.

Ainihin ɗaukar da na yi a Nuwamba 2024 da Mayu 2025 tana nan a wayata ba a tace ba, da kwanan wata a jikin kowane fayil. Duk lokacin da kuka nema zan turo.

Na gode da lokacinku. Allah Ya taimaka.

Naku,
Mai tashar, daga Bichi, jihar Kano
10 ga Oktoba, 2025