Takardar Bayani da Neman Amincewa: Binciken Hawan Jini da Ciwon Suga a Unguwannin Sakkwato ta Kudu

Assalamu alaikum. Malam, Malama, iyayenmu maza da mata, mun gode da kuka ba mu wurin zama. Ni ma'aikacin lafiya ne daga cikin ayarin da ke gudanar da wannan bincike, sunana da hotona suna jikin katin shaidar da ke rataye a wuyana, kuma kuna iya karɓa ku duba. Zan karanta muku wannan takarda daga farko har ƙarshe kafin in yi muku tambaya ko guda. Duk inda magana ta shige muku duhu, ku dakatar da ni in maimaita, idan kuma kun fi sakewa da Fulatanci ko Zabarmanci, akwai mai fassara a cikinmu.

Dalilin zuwanmu

Muna so mu san yadda hawan jini da ciwon suga suka yaɗu a tsakanin manya, wato waɗanda suka kai shekara 18 zuwa sama, a Mabera da Gagi da Tudun Wada, mu kuma san mutum nawa ne ke ɗauke da su ba tare da saninsu ba. Waɗannan cututtuka biyu sukan daɗe a jiki mutum yana harkokinsa bai ji komai ba, sai daga baya su bayyana ta hanyar shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon ƙoda, ko raunin gani, ko gyambon ƙafa da ya ƙi warkewa. Abin da muka tattara za mu miƙa shi ga hukumomin lafiya na jiha da na ƙaramar hukuma, domin su san inda ake buƙatar na'urorin awo da magani a asibitocin unguwa.

Muna neman mutum 600 cikin mako shida. An ƙidaya gidajen kowace unguwa aka yi ƙuri'a, a kowane gidan da ƙuri'a ta faɗa masa kuma aka sake yin wata domin fitar da mutum ɗaya. Babu wanda ya kawo mana sunanku, kuma zuwanmu ba ya nufin muna zaton kuna da wata cuta.

Abin da za a yi idan kun amince

Za mu fara da tambayoyi na kamar minti 25 game da shekarunku da sana'arku, da abincin da kuka saba ci, da yawan gishiri da sukari da lemon kwalba, da taba ko shisha ko goro, da yawan tafiyar ƙasa ko aikin ƙarfi, da cututtukan da aka sani a danginku, da magungunan da kuke sha, na asibiti ne ko na gargajiya. Ana shigar da amsoshin cikin wannan na'ura da ke hannuna. Ba ma ɗaukar murya, ba ma ɗaukar hoto.

Daga nan sai awo. Za ku zauna ku huta na minti biyar, bayanku a jingine, ƙafafunku a ƙasa, sannan a ɗaura muku madaurin na'ura a damtse a auna jini sau uku da ɗan jinkiri a tsakani. Madaurin zai matse hannu na ɗan lokaci ya saki. Idan kun ci goro, ko kun sha shayi ko taba cikin rabin awar da ta wuce, ku faɗa mana mu jinkirta, domin suna iya ɗaga awon. Za a auna tsayi da nauyi, a kuma auna ƙugu da tef irin na tela a bisa tufafi marasa kauri. Mace ce za ta auna mace, namiji ya auna namiji, kuma maza daga cikinmu ba za su wuce zaure ba. Mai juna biyu ba za a auna nauyinta da ƙugunta ba.

Na ƙarshe shi ne gwajin suga, kuma a nan za mu ɗan tsawaita bayani, saboda mun san maganar jini ce ta fi sa mutane ɗari-ɗari, kuma hakkinsu ne su tambaya. Za a goge kan yatsa da auduga mai magani, a ɗan soka shi da 'yar ƙaramar allura sabuwa wadda za a buɗe a gabanku, a ɗiga jini ɗigo ɗaya a kan ɗan tsinken gwaji, cikin ƙasa da minti ɗaya lamba ta fito ku gani da idonku. Allurar da tsinken za a jefa su cikin akwatin sharar asibiti nan take, a kai a ƙone. Ba za mu zuba jininku a kwalba ba, ba za mu tafi da shi ko'ina ba, kuma ba za a gwada shi don neman wata cuta daban ba, ko ƙanjamau ko waninsa. Ba mu zo da rigakafi ba, ba mu zo da maganin da za mu ba kowa ya sha ba. Za mu tambaye ku yaushe rabonku da abinci, kuma idan kuna azumi ku sanar da mu, domin hakan yana sauya ma'anar lambar. Aikin duka ba zai wuce minti 45 ba.

Amfani da abin da zai iya damun ku

Za a rubuta muku sakamakonku a kati ku riƙe. Likitoci suna ɗaukar awon jini da ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce a matsayin wanda ya hau, haka nan suga da ya kai 126 ga wanda ya kwana bai ci komai ba, ko 200 ga wanda ya riga ya ci abinci, bisa ma'aunin na'urarmu. Sai dai awon yini ɗaya ba ya tabbatar da cuta, saboda haka idan lambarku ta hau za mu ba ku takarda zuwa asibitin unguwa a sake dubawa. Idan awon jini ya kai 180 bisa 110, ko aka ga wata alama mai tayar da hankali, za mu shawarce ku da ganin likita a yau ɗin nan a Asibitin Ƙwararru na Sakkwato ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, mu kuma biya kuɗin abin hawan da zai kai ku.

Ya kamata mu faɗa muku gaskiya tun yanzu: wannan bincike ne, ba jinya ba ce. Kuɗin kati da gwaji da magani a asibiti ba ya cikin abin da muka ɗauka. Ba a biyan kowa don ya shiga, ku ma ba za ku biya ko sisi ba, illa sabulu biyu da muke bayarwa na godiya saboda lokacinku, kuma za ku samu ko da kun tsaya a tsakiya. Aikin ba shi da alaƙa da rabon tallafi ko siyasa, don haka duk wanda ya nemi lambar NIN ko BVN ko katin zaɓenku da sunanmu, ba namu ba ne.

Sukar yatsa tana da ɗan zafi, wani lokaci wurin yakan yi tsami na yini guda. Wata tambayar tana iya yi muku nauyi, jin cewa awo ya hau kuma yana iya sa mutum damuwa. Idan wani rauni ya same ku sanadiyyar awon da muka yi, kula da shi yana wuyanmu.

Sirrinku

Za mu yi hirar ne a inda wani ba zai ji ba, sai wanda ku da kanku kuka ce ya zauna. Amsoshinku lamba za su ɗauka maimakon suna, takardar da ke haɗa suna da lamba kuma tana kulle a wurin shugaban bincike. Ba za a gaya wa maigida ko uwargida ko mai unguwa ko wurin aikinku sakamakonku ba, sai idan ku kuka buƙaci haka. Banda ayarinmu, kwamitin kula da ɗa'ar binciken lafiya na jiha, wanda ya duba wannan aiki ya ba da izini, shi kaɗai ne ke iya duba takardun don tabbatar da cewa mun bi ƙa'ida, kuma shi ma sirri ya hau kansa. Rahoton da za a fitar jimla zai nuna, babu sunan mutum ko na gida. Za a adana bayanan shekara biyar, ana kiyaye su bisa tanadin Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya ta 2023, sannan a share su.

Zaɓi naku ne

Mun kai gaisuwa wurin uban ƙasa da masu unguwanni da limamai, sun kuma yi mana izinin shiga unguwa. Wannan izini na shigowa ne kawai, bai zama amincewarku ba. Haka nan idan maigida ya yi mana iso cikin gida, matar da ƙuri'a ta faɗa wa ita ce za ta faɗi da bakinta ko ta yarda, kuma tana da damar yin shawara da mijinta ko wani nata kafin ta amsa. Mun san a al'adarmu da wuya a ce wa baƙo a'a, musamman bayan an shimfiɗa masa tabarma an kawo masa ruwa, to muna roƙon kada kunyarmu ta sa ku karɓi abin da ranku bai kwanta da shi ba. Wanda ya ƙi bai yi laifi ba, ba za a kai sunansa ko'ina ba, kuma za a ci gaba da duba shi a asibiti kamar kullum.

Kuna iya tsallake kowace tambaya, kuna iya amsa tambayoyi ku ƙi gwajin jini, kuna iya cewa a tsaya a kowane lokaci ba tare da kawo dalili ba. Idan kuna son ku kwana da maganar, sai mu dawo gobe. Wanda ya sauya ra'ayi daga baya yana da wata uku ya nemi a cire bayanansa, domin bayan haka za a lalata takardar sunaye, ba za a iya gane na wane ne ba. Katin da zan bar muku yana ɗauke da lambar wayar shugaban bincike don tambaya, da ta sakataren kwamitin ɗa'a don kai ƙara idan wani daga cikinmu ya saɓa abin da na karanta muku.

Kafin mu wuce, ina roƙon ku faɗa mini da kalmominku abin da za a yi da jininku, da abin da zai faru idan kun ce ba ku so. Akwai tambaya?

Bayanin amincewa

An karanta mini wannan takarda cikin harshen da nake ji, na yi tambayoyina an kuma amsa mini. Na kai shekara 18. Na fahimci cewa za a yi mini tambayoyi, a auna jinina da tsayina da nauyina da ƙuguna, a kuma ɗauki ɗigon jini daga yatsana don gwajin suga kaɗai. Na fahimci cewa wannan ba jinya ba ce, ba a biya na, za a kiyaye sirrina, kuma ina iya janyewa ba tare da na rasa wani hakki nawa ba. Babu wanda ya tilasta mini. Na amince in shiga wannan bincike, kuma na faɗa wa ma'aikaci a fili ko na yarda da gwajin jini ko ban yarda ba, ya rubuta a gabana.

Idan kun yarda da wannan magana, za ku sa hannu ko ku dangwala babban yatsa a ƙasan takardar tare da kwanan wata, da boko ko da ajami, duk wanda ya fi muku sauƙi. Ga wanda ba ya karatu, wani baligi da shi ya zaɓa, wanda ba ya cikin ayarinmu, zai sa hannu a matsayin shaida cewa abin da ke rubuce shi aka karanta. Ni ma zan sa nawa hannun a kofi biyu, ɗaya ya zauna a wurinku, ɗaya mu tafi da shi.