Tsarin gwajin sutanans na kowace Asabar

Assalamu alaikum ƙannena, Mai Albasa, Mai Muskuwari da Mai Shinkafa. Na kira ku da sunayen da kuka laƙaba wa juna saboda memuwar ɗinku, wato kundin bincikenku na kammala karatu, don mako shidan nan abin da kuke kenan a wajena. Tunda malamanku sun sa hannu, kun kuma miƙa aikin a sashen labarin ƙasa na Jami'ar Maruwa, rubutu ya ƙare. Saura baki, wato sutanans, inda za ku kare aikin a gaban juri na malamai.

Za mu riƙa haɗuwa kowace Asabar a zauren gidanmu a Domayo, daga bayan la'asar zuwa kiran magariba. Awa biyu ce da 'yan mintoci, kowa zai samu minti 40. Wanda ya makara, daga nasa lokacin za a cire. Kowa ya zo da memuwar ɗinsa a takarda, da biro, da waya mai caji don ɗaukar murya. Shayi nawa ne.

Ga yadda minti 40 ɗin zai tafi. Mai gwaji ya miƙe tsaye, mu uku mu zauna a gabansa a matsayin juri: ɗaya shugaba mai riƙe agogo, ɗaya malamin da ya duba aikin, ni kuma mai tambayoyi masu zafi. Bayani minti 15, tambaya da amsa minti 15, gyara minti 10. Da Faransanci za a yi komai har zuwa lokacin gyara, sannan mu koma Hausa ko Fulatanci mu faɗa wa juna gaskiya.

Zan daɗe a kan amsa, don a nan na sha wuya ranar tawa sutanans. Na haddace bayanina kamar karatun allo, na zuba shi ba tuntuɓe. Sai wani malami a juri ya tambaye ni me ya sa na zaɓi ƙauyuka uku ban zaɓi biyar ba. Na san dalilin sarai, a cikin kaina ina jin amsar da Hausa, amma Faransancin ya ƙi zuwa. Na yi ta kewaye har ya dakatar da ni. Iyayena suna zaune a baya, ba su ji abin da aka ce ba, amma sun ga fuskata. Ba na so ɗayanku ya ɗanɗani wannan. Saboda haka dokarmu ita ce: jimlar farko ta amsa tambayar kai tsaye, ta biyu ta kawo dalili, ta uku ta nuna shafi ko taswira ko abin da ka gani a gona. Minti ɗaya da rabi, ka yi shiru. Kada kowa ya rubuta amsa ya haddace. Kalmomi uku a ƙaramar takarda sun isa, sauran baki ne zai saba da shi.

Asabar ta farko ba bayani mai tsawo. Kowa zai faɗi aikinsa cikin minti 2, da Hausa tukuna, yadda Inna za ta gane in tana jinmu daga tsakar gida, sannan ya maimaita da Faransanci: me ka tambaya, ina ka je, me ka samo. Wanda ya kasa faɗa da Hausa, ba Faransanci ne matsalarsa ba, sai mu koma kan aikin.

Asabar ta biyu bayanin minti 15 cikakke, da agogo. Ta uku kuwa ta hanyar bincike ce kaɗai, kuma ita ce na fi ji. Mutum nawa ka tambaya, yaya ka zaɓe su, da wane harshe, wa ya fassara, a wane wata ka shiga gona? Mai Albasa, ke kika yi hira da manoman Meskin da 'yan kasuwa. Ki shirya faɗin dalilin da ya sa mata suka yi kaɗan cikin waɗanda kika tambaya, kuma in farashin da kika rubuta na lokacin girbi ne, lokacin da albasa ta cika kasuwa ta faɗi, ki faɗa da bakinki kafin a tono miki. Kuma ki ɗaga murya. Ɗaga ido gaban manyan malamai ranar nan ba rashin kunya ba ne, aikinki kike karewa.

A Asabar ta huɗu kowa zai sha tambayoyin fanninsa. Mai Muskuwari, zan tambaye ka yadda muskuwari, dawar rani, ke nuna ba ruwan sama: a yi renon iri da damina, a dasa a karal, wato ƙasar laka, bayan ruwa ya ɗauke wajen Satumba da Oktoba, laka ta riƙe danshi har girbi wajen Fabrairu. Ka sani, amma ina so in ji shi cikin jimla uku. Zan kuma tambaye ka alaƙarta da berbere ta Cadi da masakwa ta Borno, don juri na son jin ko ɗalibi ya leƙa bayan iyakar ƙauyensa. Mai Shinkafa, ba yadda za a yi maganar noman shinkafa a Maga a tsallake madatsar da aka gina a 1979, da yadda ta rage ambaliyar da ke shayar da fadamun Waza da Logon, masunta da makiyaya suka ji a jikinsu, har aka fara sake sakin ruwa a 1994. Memuwar ɗinka ta manoma ce, amma ka shirya tambayar wa ya ci riba, wa ya yi asara.

A wannan ranar ma za mu gwada abu biyu da ɗalibai ke tsoro. Na farko, tambayar da ba ka san amsarta ba: ka ce bincikenka bai kai nan ba, ka faɗi abin da ka sani kusa da ita, kada ka ƙirƙira. Na biyu, malami ya yi minti 5 yana sukar aikin. Ka rubuta, kada ka katse shi, ka gode, ka karɓi gyaran da ke gyara, inda kake da hujja kuma ka tsaya a kanta cikin ladabi.

Asabar ta biyar za mu kashe na'urar haska hoto da gangan a tsakiyar bayani, kamar an ɗauke wuta, ka ci gaba da taswirar takarda. Kowa ya buga taswirorinsa kwafi huɗu.

Ta shida sutanans ce sak: kayan da za ku sa ranar, gaisuwar juri, komai. Na roƙi abokan aikina biyu daga lise, wato makarantar sakandare, waɗanda ba su taɓa karanta aikinku ba, su zauna a juri, su ba da maki bisa 20. Kun san 14 ce ke kai mutum ga "da kyau", 16 ga "da kyau ƙwarai". Ku gayyato mutanen gida su cika zauren, don ku saba da idanu.

Tsakanin Asabar da Asabar, aikin gida kaɗan ne. Kullum bayan asuba ka zaro tambaya biyu daga ambulan ɗin da zan ba ka, ka amsa a tsaye da murya, waya na ɗauka. Daren Laraba ka saurari abin da ka ɗauka, ka ƙirga sau nawa ka ce "eee", ka turo mini mafi muni ɗaya, ba mafi kyau ba. Idan aka kafe ranar sutanans kafin mu cika mako shida, za mu haɗa ta huɗu da ta biyar, mu ƙara daren Talata.

Kafin Alhamis kowa ya rubuto mini tambayoyi goma da yake addu'ar kada a yi masa, da su zan fara cika ambulan. Mai Muskuwari, kai za ka fara tsayawa ranar Asabar. Allah ya ba da sa'a.

Yayanku